Zare: an ce ka kwatanta labarin halitta a Musulunci da Kiristanci, kai kuma ka zauna ba da tatsuniya

1/
'Yan Hunkuyi, Kudan, Makarfi da Ikara da ke karatu a Zariya, musamman masu kos ɗin kwatanta addinai a ABU ko FCE, ku matso. Akwai wata tambaya da take cinye makin ɗalibai masu ƙoƙari. Ba don ba su yi karatu ba. Tsarin amsar ne yake kayar da su. 🧵

2/
Tambayar takan zo kamar haka: kwatanta bayanin halittar duniya da ɗan Adam a Alƙur'ani da kuma a littafin Farawa. Da ganinta sai ɗalibi ya yi murmushi, ai tun yana Islamiyya ya san ƙissar Annabi Adamu (AS). Daga wannan murmushin matsala take farawa.

3/
Ga abin da yawanci ake yi. Shafi ɗaya da rabi na ƙissar Annabi Adamu daga farko har ƙarshe. Sai rabin shafi na abin da ya tuna daga Farawa. Sai layi biyu a ƙarshe cewa akwai kamanceceniya kuma akwai bambanci. Ya ajiye biro yana jiran A.

4/
Ra'ayina kai tsaye: wannan ba kwatantawa ba ce. Labari biyu ne ka jera, ka bar wa lakcara aikin da aka ce kai ka yi. Mutumin da ke gaban tarin takardu ba zai zauna yana haɗa maka shafi na ɗaya da na uku ba. Abin da ya gani zai ba maki.

5/
Duba yadda kake yi in za ka sayi waya a kasuwa. Ba ka tsayawa a karanta maka tarihin ta farko kaf, sannan na ta biyu. Batirin wannan da batirin waccan kake tambaya. Kyamara da kyamara. Kuɗi da kuɗi. To haka amsar take so: tambaya ɗaya, ka yi wa littattafan biyu ita a sakin layi guda.

6/
Kuma a wannan maudu'in akwai dalili na musamman da ya sa jera labari ba ya aiki. Littattafan biyu ba siga ɗaya suka kawo maganar ba. Farawa ya kawo ta a jere, sura ta 1 zuwa ta 3, kamar mai ba da labari daga tushe. Alƙur'ani kuwa ya rarraba ta a surori da yawa, kowane wuri da darasin da ake son fitarwa.

7/
Ƙissar Annabi Adamu tana Baƙara 30 zuwa 39, tana A'araf 11 zuwa 25, tana Hijri, tana Ɗaha, tana Sad. Maganar kwana shida kuma ta zo a wurare bakwai, ciki har da A'araf 54, Hudu 7 da Ƙaf 38. In ka ce sai ka mayar da su labari ɗaya miƙaƙƙe, dole ka samu giɓi.

8/
Kuma giɓin nan ɗalibi yakan cike shi da abin da ya ji a gari. Nan ake cakuɗa komai. Sai ka ga an rubuta wai Alƙur'ani ya ce ranar farko an halicci haske, rana ta huɗu aka halicci rana da wata. Malam, wannan jerin na Farawa sura ta 1 ne. Alƙur'ani bai jera kwanakin ɗaya bayan ɗaya haka ba.

9/
Ko a rubuta cewa Alƙur'ani ya ambaci Hauwa'u da suna. Bai ambata ba, matarsa kawai ya ce. Sunan daga hadisi da tafsiri muka san shi. A Farawa kuwa sunan yana nan a 3:20. Haka maganar haƙarƙari: a fili take a Farawa 2:21-22, amma a Musulunci hadisin Buhari da Muslim ne ya kawo halittar mace daga haƙarƙari. Nisa'i aya ta 1 rai guda ta ambata, da abokin zama daga gare shi.

10/
Shi kuma tuffa da ake ta zanawa a hotuna, babu shi ko'ina. Alƙur'ani bai faɗi irin bishiyar ba. Farawa ya kira ta itacen sanin nagarta da mugunta, bai ce tuffa ba. Kar ka kai shi ɗakin jarrabawa, don Allah. 😅

11/
To yaya za a tsara? A ce awa biyu aka ba ku, tambaya uku. Minti 40 ke nan kowace. Minti biyar na farko kar ka fara rubuta amsa. Juya bayan takardar, ja layi a tsakiya, Alƙur'ani gefe ɗaya, Farawa gefe ɗaya. A gefen hagu ka rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa duka biyun.

12/
Uku fa, ba bakwai ba. Na san zuciya tana son a zuba duk abin da aka haddace a handawut. Amma maudu'i bakwai a minti 30 na nufin layi uku-uku, ba ka shiga cikin ko ɗaya ba. Uku masu zurfi sun fi.

13/
Ni ukun da zan zaɓa: kwanakin halitta da abin da ya biyo bayansu, sai matsayin da aka ba ɗan Adam, sai kuma kuskuren farko da abin da ya haifar. Na ukun ka kula da shi. In tambayar ta tsaya kan halittar duniya kawai, cin 'ya'yan itacen ba ya ciki, ka musanya shi da yadda aka halicci mutum da matarsa.

14/
Gabatarwa layi huɗu ko biyar ta isa. Kar ka ɓata rabin shafi kana bayanin ma'anar addini a lugga da isɗilahi, ba a tambaye ka ba. Faɗi nassin da za ka yi aiki da shi, sannan ka faɗi matsayarka tun daga farko. Ga misali:

15/
"Wannan amsa za ta kwatanta Farawa sura 1 zuwa 3 da ayoyin halitta a Baƙara, A'araf da Ƙaf. Duka biyun sun haɗu kan Mahalicci ɗaya da ya yi komai da umarninsa cikin kwana shida. Inda suka rabu sosai shi ne yadda suka fahimci matsayin mutum da sakamakon kuskurensa na farko."

16/
Ka ga jimlar ƙarshen nan? Ita ce ƙashin bayan amsar. Lakcara ya san inda ka dosa tun bai juya shafi ba. Kai ma ta zame maka linzami: duk abin da ba ya taimaka wa wannan jimla, bar shi.

17/
Yanzu sakin layi na farko, kwanaki. Fara da inda suka haɗu: kwana shida a duka biyun, kuma halitta da magana. A Farawa 1 Allah yana ba da umarni abu ya kasance. A Baƙara 117 da Yasin 82 ma umarni ne kawai abu ya samu. Ka faɗi wannan a jimla biyu ka wuce, don ba nan makin yake da yawa ba.

18/
Makin yana rana ta bakwai. Farawa 2:2-3 ya ce Allah ya huta a rana ta bakwai, ya kuma tsarkake ta. Ƙaf 38 ta ambaci kwana shidan sannan ta kore gajiya daga Allah. Ɗalibi mai gaggawa sai ya rubuta: Kiristoci sun ce Allah yana gajiya. Nan take ya zubar da maki.

19/
Don Kirista ba ya cewa haka. Kalmar da ke wurin a Ibrananci tana ɗauke da ma'anar dakatawa daga aiki, kuma daga tushenta aka samu sunan Asabar. Ishaya 40:28 ma ya kore gajiya daga Mahalicci. Abin da ka rubuta fassararka ce, ba aƙidarsu ba, kuma mai duba takarda ya san haka.

20/
Bambancin gaskiya ya fi wannan daɗin rubutawa. A Farawa rana ta bakwai ta zama tushen ranar hutu ta ibada, Fitowa 20:11 ta ɗaure dokar Asabar da ita. A Alƙur'ani ba a gina ranar hutu kan halitta ba. Juma'a ranar taruwa ce, kuma Suratul Jumu'a aya ta 10 ta ba da damar a watsu neman arziki bayan salla. Mu da muke komawa gona ko shago bayan an idar mun san wannan a aikace.

21/
Ka lura da abin da ya faru a wannan sakin layin. An faɗi maudu'i. An kawo hujja daga nan, an kawo daga can. Sannan aka faɗi me bambancin yake nufi ga mabiya kowane addini. Wannan na ƙarshen shi ne yawancin ɗalibai ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba mai C da mai A.

22/
Sakin layi na biyu, matsayin mutum. Nan ne na fi so, gaskiya. Duka biyun sun ce daga ƙasa aka yi shi aka busa masa rai: Farawa 2:7 a can, Hijri 26 zuwa 29 a nan. Duka biyun kuma sun ɗaga shi sama da sauran halittun ƙasa. Amma kalmar da kowanne ya ɗaga shi da ita daban ce.

23/
Farawa 1:26-28 ya ce an yi mutum cikin siffar Allah, namiji da mace, aka ba su mulki kan sauran halittu. Baƙara 30 kuwa halifa ta kira shi, wanda za a sanya a bayan ƙasa. Siffa a can, halifanci a nan. Malaman Kirista da yawa suna fassara siffar da hankali, ɗabi'a da wakilci, ba kamannin jiki ba. Sai ka rubuta hakan, in ba haka ba ka koma kuskuren ɗazu.

24/
Ga wani ɗan wuri da in ka kawo shi lakcara zai gyara zama. Sunaye. A Baƙara 31 Allah ne ya koya wa Adamu sunaye, kuma da wannan ilimin aka nuna fifikonsa a gaban mala'iku. A Farawa 2:19-20 an kawo wa Adamu dabbobi, shi ya raɗa musu suna.

25/
Abu ɗaya ne a fuska, Adamu da sunaye. Amma a ɗaya mutum mai karɓar ilimi ne daga Ubangijinsa, a ɗayan kuma mutum yana aiwatar da ikon da aka danƙa masa. Jimla biyu kacal, amma ka nuna cewa ka karanta nassin da idonka, ba handawut kawai ka haɗiye ba.

26/
Sai ka ƙara abin da ɗaya yake da shi ɗayan babu. Umarnin mala'iku su yi wa Adamu sujada da ƙin Iblis ya zo sau da yawa a Alƙur'ani. A Farawa 1 zuwa 3 babu wannan ƙissar. Faɗin abin da babu shi ma kwatantawa ce, amma ka iyakance: ka ce babu a waɗannan surorin. Kar ka yi wa addini guda hukunci da sura uku.

27/
Sakin layi na uku, kuskuren farko. A Farawa 3 maciji ne ya yi magana da matar, ta ci, ta ba mijinta ya ci. Farawa bai kira macijin Shaiɗan ba, a Sabon Alkawari ne, Wahayin Yahaya 12:9, aka haɗa su. A A'araf 20 Shaiɗan ne ya yi musu waswasi su biyu, kuma Ɗaha 120-121 ta fuskanci Adamu kansa da maganar.

28/
Sai abin da ya biyo baya, wanda shi ne babban rabuwar hanya. A Baƙara 37 Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa, aka karɓi tubarsa. An'am 164 ta ce ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Don haka a Musulunci ba a gadon zunubi.

29/
A Kiristanci kuwa, Romawa 5:12 ta danganta shigowar zunubi da mutuwa duniya ga mutum ɗaya. A kan wannan Agustin, malamin coci ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a shekarar 430, ya gina bayanin zunubin asali da ya yi tasiri sosai a cocin Yamma. Daga nan ake fahimtar dalilin da ya sa maganar fansa ta zama tsakiyar aƙidar Kirista.

30/
Kula da kyau: kalmar zunubin asali ba ta cikin Farawa 3. Fahimta ce da ta zo daga baya. Yahudawa ma suna karanta Farawa ɗin nan, kuma ba su riƙe wannan aƙidar ba. Saboda haka ka riƙa raba su a rubutunka: ga abin da nassi ya ce, ga abin da malaman addinin suka fahimta. Haka za ka yi wa Alƙur'ani da tafsiri.

31/
Yanzu maganar da na san wasu na jira. Wani zai ce ni Musulmi ne, yaya zan zauna ina rubuta aƙidar wasu ban ce ƙarya ba ce? Wata kuma Kirista daga Ikara ko Wusasa za ta ji irin wannan nauyin ta ɗaya gefen. Ba abin dariya ba ne, tambaya ce ta mai tsoron Allah.

32/
Amma ruwaito magana daban, yarda da ita daban. Ba Turawa suka fara wannan fannin ba. Albiruni ya rubuta littafi kan aƙidun mutanen Indiya wajen shekarar 1030, yana bayyana su yadda masu su suke faɗa. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi Almilal wan Nihal kan addinai da ƙungiyoyi. Ba wanda ya ce sun bar addini don haka.

33/
Dabarar tana cikin kalmomi ƙanana. "A cewar Farawa." "Alƙur'ani ya bayyana cewa." "A fahimtar mafi yawan malaman tafsiri." "Kiristoci suna ɗaukar wannan a matsayin." Da su ka faɗi gaskiya kan abin da kowa ya riƙa, imaninka yana nan inda yake. Ka sa AS ɗinka bayan sunan annabi, ba wanda zai rage maka maki.

34/
Abin da zai rage maka maki shi ne mayar da takardar jarrabawa dandalin muƙabala. Irin bidiyon nan da ake yaɗawa, wannan ya kayar da wancan. A can burin shi ne ka nemo raunin abokin hamayya. A nan an tambaye ka ko ka fahimci ɓangarorin biyu ne. Kuma ba ka san wa zai duba takardar ba.

35/
Ga misalin inda son kai yake fitowa. Ɗalibi ya lura cewa jerin halitta a Farawa 1 da Farawa 2 ba iri ɗaya ba ne: a ta farko tsirrai da dabbobi sun riga mutum, a ta biyu an fara da mutum. Sai ya rubuta tufka da warwara da manyan baƙaƙe, ya wuce abinsa.

36/
Shi kuma ɗan ajinsu ya buɗe Fussilat 9 zuwa 12, ya ga kwana biyu, kwana huɗu, kwana biyu, ya haɗa takwas, shi ma ya rubuta tufka da warwara. Musulmi zai yi maza ya ce a'a, malaman tafsiri sun bayyana cewa biyun farko suna cikin huɗun, shida ke nan. Daidai ne. To shi ma wancan yana da amsar malamansa.

37/
Wasu masanan Baibul suna ganin bayani biyu ne daga tushe biyu aka haɗa. Wasu kuma suna ganin sura ta 2 ta matso kusa ne ta faɗaɗa abin da ya faru a rana ta shida. In ka ba naka littafin damar a saurari masu fassara shi, ka ba ɗayan irin wannan damar. Mudu ɗaya za ka auna da shi.

38/
Kuma wannan ba maganar maki kaɗai ba ce. Mai NCE a yau gobe shi ne gaban allo a wata firamare ta Kudan ko Makarfi. A yankin Ikara akwai Hausawa Kiristoci, da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, Allah suke cewa kamar kowa, kuma cikakkiyar fassarar Hausa tana nan tun 1932. Yaransu na iya zama a ajinka. Yadda ka saba faɗin aƙidar wani a takarda, haka bakinka zai faɗe ta a aji.

39/
Gwajin da zan ba ka kafin ranar jarrabawa: rubuta sakin layi ɗaya, ka miƙa wa ɗan ajinku mai ɗayan addinin. Kar ka tambaye shi ko ya yarda da naka. Tambaye shi ko abin da ka rubuta kan nasa haka suke cewa. In ya ɗaga gira, akwai gyara. Shi ma ya kawo maka nasa.

40/
Kammalawa kuma kar ka maimaita duk abin da ka faɗa. Koma kan jimlar nan ta gabatarwa ka nuna ta tabbata: sun yi kusa kan Mahalicci da kwana shida, sun ɗan rabu kan matsayin mutum, sun rabu sosai kan gadon zunubi. Layi huɗu. Kar ka kawo sabuwar aya a nan, ba lokacin bayaninta.

41/
Batun lambar aya: in ka tabbata, sa. In ba ka tabbata ba, sunan sura ya wadatar. "A Suratul Baƙara" ya fi ka ƙirƙiro lambar da lakcara zai duba ya ga maganar azumi ce a wurin. Kuma ba dole ka kawo nassin kalma da kalma ba, ma'anarsa daidai ake nema.

42/
In lokaci ya ƙure maka kana tsakiyar sakin layi na uku, kar ka ci gaba da zuba ɓangare ɗaya da niyyar za ka dawo kan ɗayan. Ba za ka dawo ba. Jimla ɗaya ga Alƙur'ani, jimla ɗaya ga Farawa, jimla ɗaya kan me ya raba su, sai ka tafi tambaya ta gaba.